Ƙaramar kafasita, babban aiki: me ya sa dole ta zauna a gindin aisi?

Duk wanda ya taɓa buɗe rediyo ko waya ko akwatin dikoda ya ga wasu ƙananan abubuwa masu launin ƙasa-ƙasa, wasu ko ƙwayar shinkafa ba su kai ba, sun kewaye kowace baƙar aisi da ke kan allon. Yawancinsu kafasitoci ne, waɗanda injiniyoyi ke kira kafasitocin dikoflin. Ba sa ɗaukar sauti, ba sa ɗaukar hoto, kuma a zanen da'ira sukan taru a gefe guda kamar ba su da wani muhimmanci. Shi ya sa ɗalibi mai koyon haɗa na'ura yakan tsallake su, ko ya dasa su duk inda ya ga fili a allon. Daga baya sai na'urar ta fara halin da ba a gane kansa: ta yi aiki yanzu, an jima ta kashe kanta ta sake tashi, a auna wuta da mita a ga bolt 5 cif, a rasa inda matsalar take.

Tushen maganar shi ne yadda aisi ta dijital ke shan wuta. Ɗauki ATmega328P, wadda ke cikin allon Arduino Uno da ɗalibai da yawa ke fara koyo da shi. Agogonta yana bugawa sau miliyan 16 a kowane sakan. A kowane bugu, dubban ƙananan taranzistoci da ke cikinta suna juyawa a lokaci ɗaya, daga 0 zuwa 1 ko daga 1 zuwa 0, kuma a daidai wannan juyin ne suke jan wuta. Da sun zauna a sabon matsayinsu, kusan ba sa cin komai sai bugu na gaba. Idan aka sa mita za ta nuna kusan miliamfiya 10, amma wannan matsakaici ne kawai. A zahiri aisin fizgar wuta take yi, fizga mai kaifi da ba ta wuce 'yan nanosakan ba, wato 'yan kaso daga cikin biliyan na sakan guda, sannan ta saki, sannan ta sake fizga.

To, ai akwai batir ko caja, me zai hana su biya wannan buƙata? Waya ce ke hanawa. Kowace waya, da kowane siririn layin tagulla da ke kan allo, tana da wata ɗabi'a da ake kira indoktans: ba ta yarda wutar da ke bi ta cikinta ta ƙaru ko ta ragu farat ɗaya. Idan wuta na tafiya a hankali ba sauyi, ba ka ma san da ita ba. Amma idan aka nemi ta ninka cikin ƙiftawar ido, sai wayar ta turje, turjiyar kuwa tana bayyana ne a matsayin faɗuwar bolt a ƙafar aisi. Ƙiyasin da masu sana'ar ke aiki da shi shi ne kusan nanohenri 1 a kowace milimita ta waya, lissafin kuwa ga shi:

```
V = L × di/dt
```

Ma'anarsa, bolt ɗin da aka rasa daidai yake da indoktans ɗin hanya, a ninka shi da saurin sauyawar wutar. Bari mu sa lambobi. A ce ɗalibi ya kafa ATmega328P a allon gwaji mai ramuka, wuta na zuwa mata ta waya mai tsawon santimita 5, tana komawa ta wata mai santimita 5. Zuwa da dawowa milimita 100 ke nan, kusan nanohenri 100. Mu ɗauka a wani bugu aisin ta kunna ƙafafunta da yawa tare, jan wutarta ya ƙaru da miliamfiya 50 cikin nanosakan 5. Wannan saurin ya yi daidai da amfiya miliyan 10 a sakan guda. A ninka da nanohenri 100, sai a sami bolt 1 cur. Wato a wannan ɗan lokacin aisin bolt 4 take gani maimakon 5, alhali cajar tana can lafiyarta ƙalau.

Kuma rabin wannan asarar a wayar dawowa take faruwa, wadda ake rubuta wa GND. Wannan ya fi haɗari, domin da GND kowace aisi ke auna ko saƙon da ya zo mata 0 ne ko 1. Idan GND ɗin wata aisi ya yi tsalle da rabin bolt, ga kuma wata hayaniyar daga maƙwabciyarta da suke shan wuta a layi ɗaya, tana iya ganin bugun agogon da ba wanda ya aiko. Haka ne ake samun 74HC595 mai kunna jerin fitilu ta zame da mataki ɗaya ba dalili, ko ma'aunin zafi ya riƙa ba da lambobi masu rawa. Wannan rawar da bolt ke yi a layin wuta ita ake nufi da hayaniya.

Aikin kafasitar shi ne ta zama randar da ke bakin murhu. Mai girki ba ta zuwa rijiya duk lokacin da take son kofi ɗaya na ruwa, daga randa take ɗiba nan take, ita kuma randar a cika ta a hankali daga rijiya. Kafasita na ajiye ɗan cajin wuta, ta miƙa wa aisi a lokacin fizga, ta sake cika ta doguwar wayar kafin bugu na gaba. Ta haka wutar da ke bin doguwar waya ba ta sauyawa da sauri, turjiyar ta ragu, maƙwabta kuma su huta.

Wadda aka fi amfani da ita ita ce ta yumɓu mai nanofarad 100, wadda za ka ga an buga mata `104` a jiki idan mai ƙafafu ce. Shin ta isa? Fizgar da muka lissafa, miliamfiya 50 na tsawon nanosakan 5, idan duk daga cikinta aka ɗebe ta, bolt ɗinta zai sauka da milibolt biyu da rabi kacal. Ta isa har ta yi yawa. A nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta, suna zaton ƙara girman kafasita ne maganin hayaniya. A ganina duk wanda ya gane wannan lissafin ya gane rabin sana'ar: girman ba shi ne matsala ba, nisan ne. Idan ka dasa wannan kafasitar a can bakin allo, santimita 5 daga aisi, wutarta ma sai ta bi doguwar hanyar nan mai nanohenri 100, asarar bolt 1 na nan daram. Idan ka matso da ita har zuwa da dawowa ya zama milimita 5, aka haɗa da ɗan indoktans ɗin jikinta, asarar za ta koma kusan bolt 0.06.

Abin da ake aunawa kuwa zagayen ne gaba ɗaya: daga kafasita zuwa ƙafar VCC, ta cikin aisi, ta fita ta ƙafar GND, ta dawo ga ɗaya ƙafar kafasitar. Ana son wannan zagaye ya zama gajere kuma matsattse. Akwai masu manna ƙafa ɗaya daf da VCC, su bar ɗayar ta yi doguwar kewaya kafin ta iske GND, su ce ai kafasitar na kusa. Ba ta kusa.

A ATmega328P mai ƙafa 28 abin ya zo da sauƙi, domin VCC ita ce ƙafa ta 7, GND kuma ta 8, suna jere. Sai a yanke ƙafafun kafasitar su zama gajeru, a soka ta a ramukan da ke manne da waɗannan biyun. A ɗaya gefen akwai AVCC a ƙafa ta 20 da wani GND a ta 22, su ma suna son tasu kafasitar daban, ko da kuwa waya ɗaya ke kawo musu wuta. Ƙa'idar ita ce kowace ƙafar wuta da tata. Ita 74HC595 ta fi wuya, don VCC na ƙafa ta 16, GND na ta 8, kusurwa da kusurwa. A irin wannan ana ajiye kafasitar a gindin ƙafa ta 16, a kai ɗaya ƙafarta ga GND ta hanya mafi gajarta, wasu ma sukan liƙa ta da dalma a bayan allon, ta ratsa ƙarƙashin aisin kai tsaye. Idan kuwa allo ne da aka zana aka buga, mafi kyau a bar fuska ɗaya ta zama shimfiɗar tagulla ta GND ba yankewa, kowace kafasita da kowace ƙafar GND ta sauka kanta ta ramin da ke manne da ita, layukan kuma su zama gajeru masu faɗi.

Ban da waɗannan ƙanana, ana sa babba guda, mai maikurofarad 10 ko fiye, a inda wuta ke shigowa allon. Ita ke biyan buƙatun da suka fi daɗewa, tana kuma cika ƙananan. Ba lallai ta manne da aisi ba, amma ba ta maye gurbinsu: irin mai siffar gwangwani ba ta da saurin amsa fizgar nanosakan. Haka su ma ƙananan suna da iyaka. Na'urar SIM800L mai aika saƙon waya takan ja har amfiya 2 na ɗan fiye da rabin milisakan a lokacin da take magana da eriya. Nanofarad 100 ba ta ko kama ƙafar wannan ba, sai kafasita mai ɗaruruwan maikurofarad da tushen wuta mai ƙarfi. Wanda na'urarsa ke mutuwa duk lokacin da za ta aika saƙo, can ya kamata ya duba.

Wajen saye, a lura da nau'in yumɓun. Mai alamar X7R ba ta kauce wa ƙimarta da fiye da kashi 15 cikin ɗari daga sanyi mai tsanani har zuwa digiri 125. Mai alamar Y5V kuwa tana iya rasa fiye da rabin ƙimarta idan ta yi zafi, kuma akwatin na'urar da ke manne a bango a watan Afrilu ba wurin sanyi ba ne. Sannan yumɓu na tsagewa idan allo ya lanƙwasa ko ya faɗi, kuma sau da yawa tsagaggiyar kafasita haɗe VCC da GND take yi. Masu gyaran waya sun san wannan sarai, sukan gano ta da zafin da take yi, su ɗauke ta, wayar ta tashi. Inda kafasitoci da yawa ke layi ɗaya, rashin guda ba ya nunawa nan take. Inda ita kaɗai ce a ƙafar, mayar da sabuwa wajibi ne.

Yaya za a tabbatar hayaniyar wuta ce ke damun na'ura? Mita ba za ta faɗa maka ba, domin matsakaici take nunawa. Sai osiloskof, a ɗora bakinsa a kan ƙafar VCC ta aisin kanta, da gajeriyar wayar GND, don doguwar wayar nan mai bakin kada tana ɗebo tata hayaniyar ta nuna maka abin da babu. Za ka ga ƙayoyi masu kaifi suna fitowa daidai da bugun agogo. Wanda ba shi da osiloskof kuma yana da gwaji mai arha: ya ɗauki `104` guda, ya gajarta ƙafafunta, ya liƙa ta kai tsaye a kan VCC da GND na aisin da yake zargi. Idan na'urar ta daina kashe kanta, an gano mai laifi. Idan ba ta daina ba, kada ya cire kafasitar, ya bar ta a nan ya koma ya duba cajar da wayoyin da ke kawo wutar.