Delta da Gama: Yadda Garkuwar Ɗan Kasuwar Zaɓi Ke Zamewa

Kwangilar zaɓi yarjejeniya ce da ke bai wa mai ita damar sayen hannun jari a farashin da aka yanke, kafin ranar da aka ɗiba, ba tare da an tilasta masa ba. Wanda ya sayar masa da damar yana karɓar kuɗi tun farko, amma idan farashi ya tashi, shi ne zai kawo hannun jarin a tsohon farashi. A kasuwannin Amurka, irin ta Chicago da aka buɗe a 1973, kwangila guda tana ɗauke da hannun jari 100.

Delta ita ce ma'aunin yadda darajar zaɓi ke motsawa idan farashin hannun jari ya motsa da dala ɗaya. Ga zaɓin saye, tana tsakanin 0 da 1. A ɗauka ɗan kasuwa ya sayar da kwangila 10, wato damar sayen hannun jari 1,000 a kan dala 100, farashin kasuwa ma dala 100 ne, saura kimanin wata biyu wa'adi ya cika, delta kuma 0.50. Sai ya sayi hannun jari 500 ya ajiye. Idan farashi ya ɗan tashi, ribar waɗannan 500 za ta rufe asarar da zaɓin ya jawo masa. Idan ya ɗan sauka, raguwar darajar zaɓin ce za ta rufe asarar hannun jarin. Wannan ita ce garkuwar delta.

Matsalar ita ce delta ba ta tsayawa wuri ɗaya. Gama ce ke auna sauyinta a kowace dala. A ce gama 0.05 ce, farashi kuma ya kai dala 102 kafin ɗan kasuwar ya waiwayi lissafinsa. Delta ta koma 0.60, ke nan yana buƙatar hannun jari 600 alhali 500 gare shi. Hannun jarinsa sun kawo ribar dala 1,000, amma darajar zaɓin da ke wuyansa ta ƙaru da kusan dala 1,100. Giɓin dala 100 ya fito ne daga zamewar garkuwar a hanya, kuma ana ƙiyasta shi da ½ × Γ × (ΔS)² a kan kowane hannun jari, inda Γ ke nufin gama, ΔS kuma motsin farashi.

Don ya daidaita, sai ya ƙara sayen 100 a kan dala 102. Washegari farashi ya dawo 100, delta ta koma 0.50, ya sayar da 100 ɗin nan a kan dala 100. Farashi ya koma inda ya faro, amma shi ya yi asarar dala 200. Haka mai sayar da zaɓi yake kullum: ya saya da tsada, ya sayar da araha, ko sama farashi ya yi ko ƙasa. Wanda ya sayi zaɓin ya kuma yi masa garkuwa, akasin haka yake samu. Abin da ya fi cizo shi ne asarar ba ta tafiya daidai da motsin: da dala 4 farashi ya tsallaka a lokaci guda, giɓin zai kai kusan dala 400.

To me ya sa ake sayar da zaɓi? Saboda darajarsa tana zaizayewa kowace rana, abin da ake kira tita, kuma wannan riba ce ga mai sayarwa. A misalin nan, idan an yi wa zaɓin kuɗi bisa zaton farashi zai riƙa kai-komo da kashi 20 cikin ɗari a shekara, tita tana ba shi kusan dala 40 a kowace ranar ciniki. Motsin kimanin dala 1.26 a rana ne ke cinye wannan ribar. Ranar da motsin bai kai haka ba ya ci riba, ranar da ya wuce ya faɗi.

Yawan gyara yana rage giɓin da ke taruwa kafin a lura, amma kowane ciniki na da kuɗin dillanci da bambancin farashin saye da na sayarwa. Shi ya sa wasu ke gyara sau ɗaya a rana, wasu kuma sai delta ta ƙetare iyakar da suka sa. Lissafin Black da Scholes na 1973 ya ɗauka ana iya gyara babu tsayawa kuma kyauta, abin da babu kasuwar da ke bayarwa. Idan labari ya ɓulla da dare, aka buɗe kasuwa da sabon farashi, babu tsakiyar hanyar da za a yi gyara a cikinta. Haɗarin ya fi tsanani idan wa'adi ya ƙarato kuma farashi na daf da wanda aka yanke: zaɓin nan da gamarsa take 0.05, idan saura mako guda za ta kai kusan 0.14, kuma motsin dala 2 zai bar giɓin kimanin dala 280.