Mayar da Amsa Gidanta: Yadda Ake Gane Ko x Ta Yi Daidai

Na daɗe ina lura da wani abu a wajen yaranmu idan suna aikin lissafi na gida. Da zarar yaro ya kai ga rubuta x = 5, sai ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya ajiye biro, ya ɗago kai yana jiran wani ya ce masa ya ci ko bai ci ba. Abin yana damuna, domin a wannan reshe na lissafi ɗalibi ba ya bukatar alƙali. Tambayar da kanta tana iya gaya masa gaskiya cikin minti guda, in dai ya san yadda ake tambayarta.

Mu ɗauki misali daga kasuwa. Mutum biyu sun je sayen tumatir wajen dillali ɗaya. Na farko ya ɗauki kwando biyar, aka yi masa ragin naira dubu biyu a kan kowane kwando. Na biyu ya ɗauki kwando uku ba ragi, sannan ya biya dubu takwas kuɗin mota. Da suka zauna suka duba aljihu, sai ga shi abin da kowa ya kashe ya zo ɗaya. Nawa ne kuɗin kwando? Idan muka kira farashin x, muna ƙirga da dubu-dubu, za a rubuta labarin haka:

5(x − 2) = 3x + 8

Sanduna biyun nan da ke tsakiya, waɗanda wani masani ɗan yankin Wales mai suna Robert Recorde ya fara amfani da su a littafinsa na 1557, aikin sikeli suke yi. Suna cewa abin da ke hagu da abin da ke dama nauyinsu ɗaya. Warware lissafin shi ne neman lambar da za ta sa wannan magana ta zama gaskiya. Saboda haka gwajin amsa ba wani ƙarin ado ba ne: ka cire x duk inda take, ka sa lambarka a gurbinta, ka ga ko sikelin ya tsaya.

Ga yadda ɗalibai da yawa suke yi wa wannan tambaya. Wajen buɗe baka, sai su ninka 5 da x, su manta da 2 ɗin da ke ciki, su rubuta 5x − 2 = 3x + 8. Daga nan komai na tafiya lafiya lau: 2x = 10, x = 5. Amsa ta fito tsaf, ba ragowa, har ma tana da kyan gani. Shi ya sa take ruɗin mutum.

To, mu gwada ta. Ɓangaren hagu shi kaɗai tukuna: 5 a debe 2 saura 3, a ninka da 5, ya zama 15. Sai na dama: 3 sau 5 ya ba da 15, a ƙara 8, ya zama 23. Mutum ɗaya ya kashe dubu 15, ɗayan dubu 23, alhali an ce kuɗinsu ɗaya. Amsar ta faɗi.

A nan ne nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Da a ce ɗalibin ya sa 5 ɗin nan a layi na biyu, wato wanda ya rubuta da hannunsa bayan ya buɗe baka, me zai gani? Hagu: 25 a debe 2, saura 23. Dama: 23. Sun yi daidai cif! Sai ya rufe littafi da murna, alhali amsar ba ta da inganci. Dalili kuwa shi ne kuskuren ya riga ya shige cikin layi na biyu, kuma duk layukan da suka biyo baya daga shi aka haife su. Wanda ya gwada amsarsa a can ya kira ɓarawo ne ya ba da shaida a kan kansa. Wannan ne ya sa malamai ke nanata cewa a koma kan tambayar ta asali, kamar yadda take a takardar jarrabawa ko a allo, kafin hannun kowa ya taɓa ta. Ni har nakan ce wa yara su duba takardar tambayar kanta, kada su dogara da wadda suka kwafa, don kuskuren kwafi ma yana nan.

Gwajin da ya faɗi ba asara ba ne, yakan bar sawu. Tsakanin 15 da 23 akwai tazarar 8. Ina 8 ta ɓace? An debe 2 a inda ya kamata a debe 10, wato ragin kwando ɗaya kawai aka lissafa maimakon na biyar. Akwai ma abin da ya fi wannan daɗi. Duk lokacin da x ta ƙaru da ɗaya, hagu na ƙaruwa da 5, dama da 3, tazarar tana raguwa da 2 ke nan. Kafin a cike tazarar 8 sai an yi taku huɗu. Daga 5 a yi taku huɗu, an isa 9. Mu gwada 9: hagu, 7 sau 5 ya ba da 35, dama, 27 da 8 ya ba da 35. Kwando naira dubu tara ne, kowannensu ya kashe dubu 35. Wannan dabara tana aiki ne domin a irin wannan lissafi x ba a ninka ta da kanta ba, saboda haka kowane ɓangare yana hawa ko sauka da taku iri ɗaya.

Ka lura cewa kowane ɓangare daban na lissafa shi, ban ɗauke komai daga hagu na kai dama ba. Da gangan ne. Idan ka fara tsallakar da lambobi a lokacin gwaji, ka koma kan hanyar da ka bi da farko, kuma ramin da ka faɗa ɗazu yana nan yana jiranka.

Gwajin kansa yana da wuraren santsi. Babba a cikinsu shi ne lamba mai alamar debewa. A 7 − 2x = 13, amsar ita ce −3. Mai gaggawa zai rubuta 7 − 6, ya samu 1, ya yi watsi da amsa mai kyau. Maganin shi ne a sa lambar cikin baka: 7 − 2(−3), wanda ya zama 7 + 6, wato 13. Haka kuma idan rabawa ba ta ƙare ba. A 3x = 10, wanda ya rubuta 3.33 zai samu 9.99, ya shiga shakka a banza. Ya bar amsar a 10/3, gwajin zai ba shi 10 daidai.

Masu rubuta jarrabawar WAEC da NECO da JAMB suna da wata riba a nan. A tambayoyin zaɓi, amsar tana cikin waɗanda aka jera, kuma sau da yawa akwai ta bogi irin 5 ɗinmu a kusa da ita, an ajiye wa wanda ya yi kuskuren da aka saba yi. Ganin amsarka a jerin ba hujja ba ce, sai ka mayar da ita cikin tambayar.

Abu ɗaya ne gwajin nan ba zai iya kamawa ba: idan tun wajen mayar da labari zuwa alamomi aka karkace. Da mun ɗora kuɗin mota a kan mai kwando biyar bisa kuskure, za mu samu wata lamba da za ta daidaita sikelin da muka gina, amma ba sikelin kasuwar ba. Don haka a tambayar da ta zo da labari, ana ƙarasa gwajin ne da baki: kwando biyar a kan dubu bakwai-bakwai bayan ragi, dubu talatin da biyar, kwando uku a kan dubu tara-tara, dubu ashirin da bakwai, ga takwas na mota, dubu talatin da biyar.