Hadisi Ɗaya, Suna Uku: Yadda Malamai Ke Rarraba Ruwayoyi

Duk yaron da ya zauna a ajin Islamiyya ya haddace hadisin farko na Arba'una ta Imam Nawawi, wato hadisin niyya, wanda ke nuna cewa ayyuka da niyya suke tafiya. Da shi kuma Imam Bukhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya buɗe littafinsa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne malaman hadisi suna kiran wannan hadisin da sunaye uku a lokaci guda. Marfu'i ne, garibi ne, kuma sahihi ne. Sunayen ba sa karo da juna, domin kowanne amsa ce ta tambaya daban. Wanda ya gane tambayoyin nan uku ya kama bakin zaren ilimin da ake kira musɗalahul hadisi.

Kowane hadisi yana da sassa biyu. Akwai matani, wato maganar kanta, akwai kuma isnadi, jerin mutanen da suka miƙo ta baki da baki. A wurin Bukhari isnadin hadisin niyya haka yake: ya ji daga malaminsa Humaidi, shi kuma daga Sufyanu ɗan Uyaina, daga Yahaya ɗan Sa'idu Al'ansari, daga Muhammadu ɗan Ibrahim Attaimi, daga Alƙama ɗan Waƙƙas, wanda ya ji Sayyidina Umar yana faɗarsa a kan mumbari. Mutum shida ke nan tsakanin Bukhari da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Tambaya ta farko mai sauƙi ce: maganar wa ce? Idan an jingina ta ga Annabi, marfu'i ce. Idan ta tsaya a kan sahabi, mauƙufi ce, idan kuma ta tabi'i ce sai a ce maƙɗu'i. Wannan rabon bai taɓa batun inganci ba ko kaɗan.

Tambaya ta biyu ita ce yawan maruwaita a kowane mataki. Idan jama'a mai yawa ta karɓa daga jama'a mai yawa, ta yadda ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba, hadisin mutawatiri ne. Misalin da aka fi kawowa shi ne gargaɗin wuta ga wanda ya yi wa Annabi ƙarya da gangan, wanda aka ce sahabbai fiye da 70 sun ruwaito. Duk abin da bai kai nan ba ahadi ne, kuma Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 852, ya kasa shi uku a Nukhbatul Fikar: mashhuri mai hanyoyi uku ko fiye, azizi mai biyu, sai garibi wanda mutum ɗaya ya kaɗaita da shi a wani mataki.

A nan hadisin niyya yake ba da mamaki. Ta ingantacciyar hanya, Umar kaɗai ya ruwaito shi, daga Umar sai Alƙama kaɗai, daga Alƙama sai Muhammadu, daga Muhammadu sai Yahaya. Daga kan Yahaya ne ya bazu, har aka ce sama da mutum 200 sun ɗauka daga gare shi. Yawan na baya bai sauya hukunci ba, domin matakin da ya fi ƙarancin mutane ake dubawa. Saboda haka hadisin da ya game duniya, a ma'aunin malamai garibi ne.

Akasin haka ma yana faruwa. Maganar neman ilimi ko da a birnin Sin ta shahara a bakin masu wa'azi da malaman makaranta, amma Ibnu Hibban ya ce ba ta da asali, Ibnul Jauzi kuma ya saka ta a littafinsa na maudu'ai. Shahara a bakin jama'a daban take da mashhuri na isɗilahi, kuma ko shi mashhurin bai zama lallai ya inganta ba.

Tambaya ta uku ita ce mafi nauyi: a karɓa ko a mayar? Ibnus Salah, wanda ya rasu a 643, ya tsara sharuɗɗa biyar na sahihi. Isnadi ya sadu, kowa ya karɓa daga wanda ke samansa. Kowane maruwaici ya zama adali mai kiyaye addini da mutunci. Ya zama yana da dabɗi, wato ƙarfin kiyaye abin da ya ji, a ƙirji ko a rubuce. Kada ruwayar ta zama shazi, ma'ana amintacce ya saɓa wa waɗanda suka fi shi. Sannan kada ta kasance da illa, wato ɓoyayyen aibi.

Illa ita ce ke bambanta gwani da ɗan koyo, kuma hadisin niyya ya samar da misali mai kyau. Wani maruwaici, Abdulmajid ɗan Abu Rawwad, ya ruwaito shi daga Imam Malik, daga Zaidu ɗan Aslam, daga Aɗa'u ɗan Yasar, daga sahabi Abu Sa'idul Khudri. Mai kallo daga nesa zai yi murna, ya ce ga sahabi na biyu an samu. Masana irin su Daraƙuɗni sai suka jera ruwayarsa kusa da ta sauran almajiran Malik, suka tarar su daga Yahaya ɗan Sa'idu suke kawo shi, ta hanyar Umar da aka sani. Abdulmajid bai yi ƙarya ba, kuskure ya yi, ya ɗora matanin a kan isnadin da ba nasa ba. Aka mayar da hanyarsa, matanin kuma ya ci gaba da zama sahihi ta hanyar farko. Wannan ya nuna cewa sau da yawa hukuncin yana kan hanya ne, ba kan maganar gaba ɗaya ba.

Idan sauran sharuɗɗa sun cika amma dabɗin maruwaici ya ɗan yi sauƙi, hadisin ya sauko zuwa hasani, kalmar da Tirmizi ya yawaita amfani da ita. Shi ma hujja ne. Ibnus Salah ya buga misali da hadisin asuwaki a kowace salla ta hanyar Muhammadu ɗan Amru, mutum mai gaskiya wanda haddarsa ba ta kai ta manya ba. Da aka sami wasu hanyoyi suka ƙarfafa shi, sai ya hau zuwa sahihi ligairihi.

Abin da ya kasa kaiwa hasani shi ne da'ifi, kuma rassansa suna da yawa. Idan tabi'i ya jingina magana ga Annabi kai tsaye, mursali ke nan, wanda Malik da Abu Hanifa suke kafa hujja da shi idan mai yin sa amintacce ne, Shafi'i kuwa ya gindaya masa sharuɗɗa. Idan mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya, munƙaɗi'i ne, idan biyu a jere, mu'udali. Shi ya sa ya fi kyau a bar waɗannan sunayen da Larabcinsu. Da za a ce da su duka "mai rauni", da mai sauraro bai san inda ciwon yake ba, balle ya san ko yana da magani. Kuma da'ifi ba ɗaya yake da maudu'i ba. Na farko ba a sami tabbacin ingancinsa ba ne, na biyu kuwa ƙagagge ne, haramun ne a ruwaito shi ba tare da bayyana halinsa ba.

Mai son shiga wannan fage yakan fara da Baiƙuniyya, waƙa mai baiti 34 da ake karantawa a gaban malami, daga nan ya wuce Nukhba. Mai karatu kuwa, idan ya ji an ce hadisi kaza da'ifi ne, ya daure ya tambayi malamin: wa ya yanke wannan hukunci, a kan wace hanya, kuma wane sharaɗi ne ya faɗi.