Tsakure: Shafi Ɗaya da Ke Wakiltar Kundin Digiri

A yawancin jami'o'in Nijeriya ɗalibin ajin ƙarshe yakan rubuta kundi mai babi biyar kafin a ba shi digiri. A farkon kundin, kusa da shafukan sadaukarwa da godiya, akwai wani gajeren bayani da sassan Hausa ke kira tsakure. Galibi sakin layi ɗaya ne, kalmomi 150 zuwa 300 gwargwadon ƙa'idar sashe. Shi mai jarrabawa ke fara karantawa ranar kare kundi, shi ne kuma abin da ɗalibin baɗi zai duba a ɗakin karatu kafin ya yanke ko zai buɗe sauran shafukan. Aikinsa ya faɗi abin da aka nema, da yadda aka nema, da abin da aka samu.

Mu ɗauki misali na ƙirƙira. A ce wata ɗalibar kimiyya ta binciki ruwan rijiyoyin unguwarsu. Sau da yawa irin wannan tsakure yakan fara da cewa ruwa shi ne rayuwa, ya ci rabin shafi a kan muhimmancin tsafta, sannan ya rufe da cewa an tattauna sakamako an kuma ba da shawarwari. Mai karatu ya gama bai san ko ruwan na shawuwa ba.

Manufa jimla ɗaya ta ishe ta: binciken ya auna ko ruwan rijiyoyin unguwar ya gurɓata da ƙwayoyin cuta na bayan gida, ya kuma duba ko kusancin rijiya da masai na da alaƙa da hakan. Kalmar “auna” ta ɗaure ɗalibar, domin dole ta kawo adadi daga baya. Da ta ce za ta “yi tsokaci”, babu abin da za a kama ta da shi.

Hanyar bincike ita ke sa a yarda da sakamako ko a ƙi. A nan za ta ce ta ɗebi ruwa daga rijiyoyi 20 a cikin damina, ta faɗi yadda ta zaɓe su, da gwajin da ta yi a ɗakin gwaje-gwaje, da cewa ta auna tazarar kowace rijiya da masai mafi kusa. Ambaton damina ba ado ba ne. Ruwan sama yakan wanko ƙazanta zuwa cikin rijiya, don haka abin da aka samu a watan Agusta zai iya bambanta da na watan Maris. Sunan kwalabe da na'urori kuwa su zauna a babi na uku.

Sakamako shi ya kamata ya fi samun fili, kuma a nan aka fi yin rowa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar cutar da ke nuna gurɓatar bayan gida ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. To, sai ɗalibar ta rubuta kai tsaye: rijiyoyi 13 cikin 20 sun saɓa wa wannan ƙa'ida, kuma 11 daga cikinsu suna ƙasa da mita 30 daga masai. Mai unguwa ma zai gane wannan, ya san rijiyoyin da za a fara gyarawa. Raina yakan ɓaci idan na ga ɗalibi ya sha wahalar wata da watanni, sannan ya ɓoye abin da ya gano a bayan “an samu sakamako mai gamsarwa”.

Sai dai adadin yana da iyaka. Rijiyoyi 20 na unguwa ɗaya ba su ba ta damar cewa ruwan garin duka ya lalace ba. Haka kuma ba ta tabbatar da cewa masai ne ya jawo gurɓatar ba, tunda gugan da ake ajiyewa a ƙasa ko bakin rijiya marar murfi na iya yin wannan ɓarna. Abin da za ta ce shi ne an ga alaƙa. Shawararta ma ta tsaya a kan abin da ta auna.

Saboda haka ake rubuta tsakure bayan an gama kundi, ko da yake a gaba yake zama. Wanda aka kwafo daga takardar neman amincewa da batu yana da saurin ganewa: cike yake da “za a”, alhali aikin ya riga ya kammala. Ba a kawo madogara ko jadawali a ciki. Kafin ta miƙa wa malamin da ke duba aikinta, ɗalibar ta ajiye tsakuren kusa da babi na huɗu ta bi adadi ɗaya bayan ɗaya. Idan babin ya ce 13 tsakure ya ce 14, mai jarrabawa zai gani. Sannan ta ƙirga manufofinta: in ta ambaci biyu a sama, dole a sami amsa biyu a ƙasa.