Idan Kurar Na'urar Atwood Tana da Nauyi

Na'urar da Bature George Atwood ya bayyana a 1784 ba ta da wuyar ganewa: kura ce irin ta rijiya, an ratsa igiya a kanta, an rataya kaya a kowane baki. A makaranta akan ɗauka kurar ba ta da nauyi, don haka jan igiya ɗaya ne dama da hagu. To, da zarar kura ta yi nauyi, wannan zance ya faɗi, domin bambancin jan nan biyu shi ne ke juya ta.

A ce an rataya kilo 3 da kilo 1, kurar kuma faifai ce marar rami mai kilo 2. Muddin igiya ba ta zamewa, bakin kura da igiya tafiyarsu ɗaya ce, sai faifan ya shiga lissafi tamkar ƙarin kaya mai rabin nauyinsa. Ƙaruwar gudu ita ce:

a = (m₁ − m₂)g / (m₁ + m₂ + M/2)

Idan aka ɗauki g a matsayin 10 don sauƙi, 20 ke nan a raba da 5, wato 4 m/s². Da kurar ba ta da nauyi, da 5 za a samu.

Saura jan igiya. Wajen kaya mai sauka, T₁ = 3(10 − 4) = 18 N. Wajen mai hawa kuwa, T₂ = 1(10 + 4) = 14 N.

Ga yadda za ka gane ko ka yi daidai: dole bambancinsu ya zama (M/2)a, a nan 4 N. In kuwa jan ɓangaren mai hawa ya fi, ka juya alama a wani wuri, sai ka sake duba lissafinka.