Talabijin Ya Cinye Gefen Hoto? Duba Rimot Kafin Ka Kira Mai Gyara

Ƙanena ya jona kwamfutarsa da talabijin ɗin falo da wayar HDMI, sai ga rabin layin ƙasa na Windows ya nutse, alamar X ta rufe shafi ma da ƙyar ake hangen ta a kusurwa. Nan take ya ɗora wa wayar laifi, har ya fara lissafin sayen sabuwa. Alhali wayar lafiyarta ƙalau. Talabijin ɗin ne ke ɗan buɗa hoton da gangan, gefensa ya fice daga allo.

A jerin saiti ana kiran wannan Overscan, kuma gado ne daga tsofaffin talabijin masu ƙusumbi. Gefen hotonsu bai cika tsayawa daram ba, shi ya sa ake buɗa shi don ɓoye datti a bakin allo. Talabijin na zamani ba su da wannan lalura, amma da yawa har yau suna fitowa da ɗabi'ar.

Abin da ake yankewa kaɗan ne. A hoto mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, in aka cire kashi 2.5 cikin ɗari a kowane gefe, ɗigo 48 sun tafi a hagu, 48 a dama, 27 a sama, 27 a ƙasa. A fim ba wanda zai lura. A kwamfuta kuwa, can bakin allon maɓallai suke zaune, rubutu kuma yakan yi dishi-dishi saboda an ja shi.

Maganin yana cikin saitin girman hoto, sai dai kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa. A Samsung shiga Picture Size, ka kunna Fit to Screen. A LG sunansa Just Scan, ƙarƙashin Aspect Ratio. A Sony nemi Display Area, ka zaɓi Full Pixel. Namu LG ne, ana kunna Just Scan layin ƙasa ya dawo cif. Ka lura, yawanci kowace kafar HDMI da nata saitin, don haka ka gyara kana kan kafar da ke ba ka matsala.

Idan kuma yankan ya yi yawa, har kawunan mutane da makin ƙwallo sun ɓace gaba ɗaya, to wani ne ya danna Zoom, galibi yara. Mayar da shi 16:9, a talabijin da dikoda duka.

Wani lokaci za ka tarar zaɓin ya dushe, ba ya dannuwa. Hakan na faruwa in hoton ta wayar AV mai kai ja, fari da rawaya yake shigowa, ko kwamfuta na turo girman da bai dace da allon ba. Daidaita girman tukuna. In ya ƙi, sai a rage hoton daga kwamfuta, kamar ta HDMI Scaling a manhajar AMD. Ni wannan nake barin wa ƙarshe, domin kwamfuta ta matse hoto, talabijin ya sake buɗa shi, rubutu ba zai fito tangaran ba.