Tukunyar da aka sauke ta fi wadda ke kan wuta haɗari ga yara

A yawancin gidaje, muddin tukunya na kan murhu ido na kanta. Uwa tana iza wuta, tana korar yara, su ma yaran hayaƙi da hucin wuta kan sa su ja baya. Sakaci yakan shigo ne bayan an sauke. Tukunyar miya ko bokitin ruwan wanka da aka ajiye a tsakar gida ba su da harshen wutar da zai tsorata yaro, alhali zafin da ke ciki bai je ko'ina ba. Ga shi kuma tsayinsu daidai da ƙugun yaron da ya fara tafiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum kusan 180,000 a kowace shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A tsakanin ƙananan yara kuwa, ruwan zafi da abinci mai ruwa-ruwa ne suka fi yin ɓarna. Dalili shi ne fatar yaro ba ta kai ta babba kauri ba, don haka zafi kan ratsa ta da sauri. Ruwa yana tafasa a ma'aunin zafi 100, amma ko wanda ya sauko zuwa 60 yana iya cinye fata har ƙasa cikin 'yan daƙiƙu. Kofin shayin da aka haɗa aka ajiye yana iya ƙona jariri bayan minti 15.

Kunu, koko da talge sun fi ruwa muni, saboda kaurinsu. Ruwa yakan gangare ya wuce, shi kuwa kunu sai ya manne a fata ya ci gaba da dafa ta. Samansa kan yi yanar da ke sa a ɗauka ya huce, alhali cikinsa na nan da zafinsa. Man suyar ƙosai da awara kuma yakan kai 170 zuwa 180, kuma galibi kaskon a ƙasa yake, a zaure ko bakin titi inda yara ke zagaye suna jiran a sallame su.

A ɗauki misalin safiyar hunturu. Uwa ta tafasa ruwan wankan yara, ta juye a baho, ta juya zuwa randa don ta ɗebo na surkawa. Tafiyar ba ta wuce taku goma ba. Ɗanta mai shekara biyu yana wasa da yayarsa, ya ja da baya, ƙafarsa ta daki bakin bahon, ya faɗa ciki da zama. Yaro mai wannan shekaru ba ya iya yunƙurawa ya fito da kansa, kafin a ɗago shi ruwan ya riga ya yi aikinsa.

Gyaran wannan ba ya cin ko sisi, tsari kawai za a juya. A fara zuba ruwan sanyi a baho, sannan a kawo na zafi a zuba a kai, a gauraya, ta yadda babu lokacin da tafasasshen ruwa zai zauna shi kaɗai a ƙasa. Sai a gwada da gwiwar hannu, domin tafin hannun mai girki ya saba da zafi, yakan ruɗe ta. Gidan da ake jego ya fi buƙatar wannan kulawa: ana dafa ruwa a babbar tukunya safe da yamma har tsawon makonni, gida cike da 'yan barka, kowa na zaton wani ne ke riƙe da yayan jaririn. Gara a ambaci sunan mutum ɗaya a ce yaron na hannunsa har a gama juye ruwa.

Haka tukunyar da aka sauke take buƙatar mazauni na dindindin, a lungun madafa, a rufe, ba a kan hanyar ɗaki ko randa ba. Madafar kuma a tare bakinta da ƙaramar ƙyaure ko katako mai tsayin da yaro ba zai haura ba. A murhun duwatsu uku, a jijjiga tukunya tun kafin a zuba ruwa, in tana rawa a gyara duwatsun, sannan a rage tsawon itacen da ya miƙo waje, domin yaro na taka shi tukunya za ta tuntsure. A kan risho, kurfoti ko gas, mariƙin tukunya ya fuskanci bango. Mai goyo ta sauke ɗanta kafin ta sunkuya tuƙa tuwo, saboda talge yana tsartuwa. Aiken yarinya 'yar shekara shida da kwanon kunu mai tururi ma yana cikin hanyoyin da ƙuna ke samun yara biyu a lokaci guda, ita da ƙanin da ke biye da ita.

Idan tsautsayi ya riga ya auku, mintunan farko ne ke yanke zurfin ciwon. A cire tufafin da suka jiƙe nan take, da warwaro ko zobe kafin wurin ya kumbura, amma abin da ya manne a fata a bar shi. Sai a riƙa kwarara ruwa mai sanyi, na famfo ko na randa da buta, har minti 20. Wannan yana da amfani ko da an kai awa uku da ƙonewar. Ba a sa ƙanƙara, domin tana ƙara lalata fatar. Sauran jikin yaron a lulluɓe shi kada sanyi ya kama shi, musamman a hunturu. Bayan haka a rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, ba a ɗaure tamau ba.

Ɗanyen ƙwai, man goge baki, manja, baƙin mai, gishiri da toka, waɗanda maƙwabta kan kawo da kyakkyawar niyya, ba sa fitar da zafi. Wasunsu suna shigar da ƙwayoyin cuta, kuma dole ma'aikacin lafiya ya wanke su kafin ya ga ciwon, yaro ya sha azaba sau biyu. Bororon da ya ɗuri ruwa ma kada a fasa shi a gida.

Likitoci suna auna faɗin ƙuna da tafin hannun wanda ya ƙone, haɗe da yatsunsa, wanda ya yi kusan kashi 1 cikin 100 na fatar jikinsa. Yaron nan da ya faɗa baho, ɗuwawunsa biyu sun kai tafi biyar, rabin bayansa kuma kusan tafi shida. Ya haura kashi 10 ke nan, kuma daga nan ne yaro ke buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya, domin jikinsa yana zubar da ruwa ta wurin ƙunar har jini ya kasa zagayawa yadda ya kamata.

Ko ƙunar ba ta kai haka ba, a kai yaro asibiti a ranar idan ta fi tafin hannunsa, ko ta taɓa fuska, hannu, ƙafa, al'aura ko gaɓa, ko kuma jariri ne. Wurin da ya yi fari fat ko ya bushe ƙamas, yaron kuma ba ya jin zafi a wajen, ba sauƙi ba ne, alama ce ta cewa ƙunar ta yi zurfi har ta kashe jijiyoyin ji. Irinta idan ta warke ba tare da kulawar asibiti ba, tabon kan tsuke ya haɗe yatsu ko ya hana gwiwa miƙewa, sai an yi tiyata. A kwanakin da suka biyo baya a lura da zazzaɓi, wari, mugunya ko raguwar fitsari, a kuma tafi da katin rigakafin yaron, domin ma'aikatan lafiya za su so su san ko ya samu allurar tetanus.